Sun dawo mana da kasafin kuɗi, wai mu bayyana dalilin kowane layi

Hadiza: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman taimako kafin Alhamis. Ƙungiyarmu a Jigawa ta nemi tallafi na wata 12, za mu horar da mata 60 a mazaɓu 6 yadda ake auna dantsen yaro da tsiri don gano tamowa da wuri, a kai shi asibiti kafin abin ya yi tsanani. Masu ba da tallafin sun ce aikin ya yi musu, amma sun dawo mana da takardar bayanin kasafi da jan rubutu a wuri uku: sufuri, abincin horo, da albashin akanta. A layin sufuri abin da na rubuta shi ne "Naira 4,320,000 domin zirga-zirgar ma'aikata wajen gudanar da aikin." Sai suka rubuta a gefe cewa bayanin bai isa ba. To me kuma zan ƙara? Ai kuɗin mota kuɗin mota ne.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Rasit suke so. Ki tattara rasit ɗin gidan mai da na direba ki ɗauki hotonsu ki tura musu. Mu ma bara sai da muka yi haka suka saki kashi na biyu.

Hadiza: Maman Ilham ai ba su ba mu ko sisi ba tukuna, rasit ɗin me zan kai? 😅 Neman muke yi.

Maman Ilham: Au, na ɗauka rahoton kashe kuɗi ne. Yi haƙuri, bari manya su zo.

Malam Sabo Akanta: Wa alaikumus salam. Hadiza, abin da kika rubuta ba bayani ba ne, sunan layin kika maimaita da kalmomi masu ɗan tsawo. Wanda ke duba takardar ya riga ya ga "sufuri" da adadin a jadawali. Abin da bai gani ba shi ne inda adadin ya fito. Ki tuna mutumin nan wataƙila yana zaune a Abuja ko a wata ƙasa, bai taɓa taka Jigawa ba, kuma shi ma akwai na sama da shi da zai tambaye shi. Yana so ya ɗauki kalkuleta ya buga da kansa, ya faɗo kan 4,320,000 ba tare da ya kira ki ba. Faɗa mana tukuna, ke yaya kika samu adadin?

Hadiza: Malam, ziyarar sa ido ce. Mazaɓa 6, kowacce sau 2 a wata, har wata 10, don wata biyun farko na shiri ne da horo. Ziyara 120 ke nan. Kowace ziyara na sa 36,000.

Malam Sabo Akanta: To kin ga rabin bayanin yana kanki, ba ki sauke shi a takarda ba. Saura 36,000 ɗin. Ita kuma daga ina?

Hadiza: Hayar mota da direba 22,000 a wuni, haka muke biya yanzu. Mai kuma lita 14, don zuwa da dawowa kusan kilomita 140 ne in an raba tsakanin na kusa da na nesa, motar tana cin lita ɗaya a kilomita 10. Na lissafa lita a kan 1,000.

Nura Katsina: Ni shawarata daban ce. Ki ɗora kashi 20 a kan kowane layi kafin ki mayar. Waɗannan mutanen ko kin kawo musu lissafin gaskiya sai sun yanka. In kin ƙara, bayan sun yanka sai ki faɗo daidai inda kike so. Mun ga abin da ya faru a 2023, aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar da ba ta kai 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki. Duk wanda ya yi kasafi cif-cif a farkon shekarar nan ya sha wuya.

Malam Sabo Akanta: Nura, abin da ka faɗa game da 2023 haka yake, babu mai musu. Amma maganinka ba zai shiga wannan takardar ba. A jadawali kaɗai za ka iya ɓoye ƙari. Da zarar an ce ka warware adadi, ina za ka tura kashi 20 ɗin? Ko dai ka ce hayar mota ta fi yadda take, ko ka ƙara kilomita, ko ka ƙara farashin mai. Farashin mai kowa ya san shi. Nisa kuwa suna iya dubawa a taswira cikin minti biyu. Kuma in suka kama layi ɗaya da kumburi, sauran layukan naka na gaskiya ma da idon zargi za su karanta su.

In tsadar gaba kake tsoro, akwai hanyar da ba ɓoye-ɓoye. Ka rubuta farashin yau da watan da ka ɗauke shi, sannan in ƙa'idarsu ta yarda ka sa layin ko-ta-kwana a fili da sunansa. Wasu sun yarda, wasu sun hana gaba ɗaya. Sai an karanta takardar ƙa'idarsu.

Nura Katsina: Malam kai akanta ne, dole ka faɗi haka. Mu da muke fili mun san cewa layin ko-ta-kwana shi ne farkon abin da suke gogewa. Kuma ko sun bar shi, sai ka rubuta wasiƙa ka jira amsa kafin ka taɓa shi, alhali direba yana tsaye a ƙofa.

Isufu Maraɗi: Salamu alaikum. Nura yana da gaskiya a kan wasiƙar. A tallafin Tarayyar Turai da muka yi aiki da shi, ajiyar ko-ta-kwana ba ta wuce kashi 5 na kuɗin aiki kai tsaye, kuma ba a taɓa ta sai da izini a rubuce. Amma dai tana nan, ta fi babu. Mu a Nijar matsalar canji ba ta dame mu in tallafin na yuro ne, tunda sefa a ɗaure take, yuro ɗaya 655.957 kullum. Ku ne ya kamata ku rubuta a saman takarda da wane canji kuka yi lissafi da kuma ranar da kuka ɗauko shi. Hadiza, naku a naira za su biya ko a dala?

Hadiza: A naira ne, Malam Isufu.

Isufu Maraɗi: To canji bai shafi takardarki ba, tsadar kaya ce ta shafe ki. Ki sa watan da kika tambayo kowane farashi.

Malam Sabo Akanta: Mu koma kan sufurin. Akwai tambayar da ta fi lissafin nauyi, kuma ina jin ita ce ainihin abin da jan rubutun ke nufi. Me ya sa sau 2 a wata? Me ya sa ba sau ɗaya ba, ko sau huɗu? Farashin mota kasuwa ce ta yanke shi, amma yawan ziyara ku kuka yanke, don haka nan ne wurin kare kai. Sannan ki buɗe babbar takardar neman tallafin, wajen jadawalin ayyuka, ki gaya mana abin da aka rubuta game da ziyarar sa ido.

Hadiza: Innalillahi. Na duba. A can an rubuta "ziyarar wata-wata". Shugabarmu ce ta rubuta wancan sashen, ni na yi kasafin.

Malam Sabo Akanta: Shi ke nan, an gano ciwon. Mai dubawa ya karanta wata-wata, ya buga 6 sau 10 ya samu ziyara 60, ya raba kuɗinki a kai sai ya ga 72,000 kowace fita. Dole ya ja layi. Wannan shi ne abin da na fi gani a ƙananan ƙungiyoyi, mutum ɗaya ya rubuta aiki, wani ya rubuta kuɗi, ba su zauna tebur ɗaya ba. Yanzu ku zauna ke da Hajiya ku yanke abin da aikin yake buƙata da gaske, sannan ku gyara takardun biyu su faɗi abu ɗaya.

Dakta Balarabe: Bari in sa baki a nan, don wannan ɓangaren lafiya ne. Matar da aka koya wa auna dantse, kuskurenta a farko yake yawa. Wata za ta matse tsirin har ya shige fata, wata ta bar shi sako-sako, wata ta auna kusa da gwiwar hannu maimakon tsakiyar dantse. Kuma tsirin yana da launuka, iyakar ja, wato tamowa mai tsanani, ita ce santimita 11.5, ɗan matsi kaɗan yana iya mayar da yaro daga rawaya zuwa ja, ɗan saki kuma ya ɓoye wanda ke cikin haɗari. In aka bar ta wata guda cur ba a duba hannunta ba, kuskuren ya zama ɗabi'a. Bayan 'yan watanni kuwa hannu ya faɗa, ziyara ɗaya ta isa. Ni da ni ne, sau biyu a watannin farko, sau ɗaya a sauran.

Hadiza: Dakta wallahi abin da ke raina ke nan lokacin da na sa biyu, ban dai rubuta ba. Mun yi magana da Hajiya yanzu. Mun tsaya a kan sau 2 a wata huɗun farko bayan horo, sau 1 a wata shida da suka rage. Ga abin da na rubuta, da Hausa tukuna kafin in mayar da shi Turanci:

"Ziyarar sa ido (aiki na 2.3 a jadawali). Jami'ar aiki da ma'aikaciyar lafiya ɗaya za su ziyarci kowace mazaɓa sau 2 a wata daga wata na 3 zuwa na 6 (ziyara 48), sannan sau 1 a wata daga na 7 zuwa na 12 (ziyara 36), jimilla 84. An yawaita ziyara a farko ne domin a gyara kurakuran awo kafin su zauna. Kowace ziyara naira 36,000 ce: hayar mota da direba 22,000 a wuni, da mai lita 14 a kan 1,000, bisa matsakaicin nisan kilomita 140 zuwa da dawowa. Ƙungiya ba ta da mota. Jimilla naira 3,024,000."

Malam Sabo Akanta: Madalla, wannan shi ne bayani. Jimlar nan ta "ƙungiya ba ta da mota" ta yi aiki sosai, ta rufe tambayar da zai yi. Abu biyu zan ƙara. Ki faɗi inda 22,000 ta fito, ko daga abin da kuka biya a aikin baya, ko daga masu haya biyu ko uku da kuka tambaya, ki ajiye takardun farashin nasu a fayil. Na biyu, zai ce me ya hana a haɗa mazaɓa biyu a wuni ɗaya a rage hayar da rabi. Ki amsa kafin ya tambaya.

Hadiza: Ba ya yiwuwa Malam. Matan ba sa samun fita sai sun gama aikin safe, wajen sha ɗaya, kuma kafin la'asar sun koma ɗora tukunya. Mata goma ne a kowace mazaɓa, kowacce sai an ga ta auna yaro da hannunta. Kuma biyu daga mazaɓun suna gefen Auyo, da damina in kogin Haɗeja ya cika mota ba ta isa, sai babur, wani wurin ma sai kwalekwale.

Malam Sabo Akanta: To ki rubuta wannan kamar yadda kika faɗa mana, a jimla biyu. Kuɗin babur da kwalekwalen yana ina a kasafin?

Hadiza: Babu. Daga aljihu muke yi.

Malam Sabo Akanta: Ki buɗe masa ɗan layi nasa, na Agusta da Satumba, mazaɓa biyu. Kin rage 1,296,000 daga sufuri, ba za su yi miki gardama a kan wannan ba. Ki dai faɗa musu a wasiƙar rakiya cewa sabon layi ne da dalilinsa, kada su tsince shi da kansu.

Nura Katsina: Kun ga abin da nake faɗa? Sun ja layi ɗaya, ta sauke sama da miliyan da hannunta. Allah ya sa mai bai tashi ba kafin wata na bakwai.

Maman Ilham: Amin dai. Hadiza na abincin fa? Wannan na san shi, ni nake dafa wa tarukanmu.

Hadiza: Na sa faranti 252 a kan 2,500, wato 630,000. Su kuma sun buga mata 60 sau kwana 3 sun samu 180, suna tambayar sauran 72.

Maman Ilham: 'Yan raino ne ko? 😂 Duk wanda ya taɓa tara matan karkara ya san ba su kaɗai suke zuwa ba. Mai goyo za ta zo da yarinya 'yar shekara tara tana riƙe mata jariri a bakin taga, in ya yi kuka a miƙo shi ya sha a mayar. Ba za ki raba abinci ki tsallake yarinyar nan tana kallonki ba. In kin tsallake ta, uwar za ta ba ta nata, gobe kuma ba za ta dawo ba.

Hadiza: Su ne. Rukuni biyu ne, kowanne mata 30, masu horarwa 2, ma'aikatanmu 2, 'yan raino na ƙiyasta 8. Mutum 42 sau kwana 3 sau rukuni 2.

Malam Sabo Akanta: Ki rubuta shi haka, har da abin da Maman Ilham ta faɗa, cewa masu shayarwa ba za su iya zaman horo ba sai da mai riƙe musu yaro. Ki ce 8 ƙiyasi ne daga horon da kuka yi a baya, kuma za a biya mai abinci ne gwargwadon takardar halarta ta kowace rana. Abu ɗaya ki duba: in ma'aikatanku biyu suna da alawus ɗin kwana wanda ya haɗa da abinci, ba za su ci faranti kuma su karɓi cikakken alawus ba. Odita na son wannan wurin.

Sai akanta. Me kika rubuta?

Hadiza: "Gudummawa ga albashin akanta, 960,000."

Malam Sabo Akanta: Kalmar gudummawa ce ta jawo miki. Ba sadaka suke ba shi ba, lokacinsa suke saya. Nawa ne albashinsa, kuma kwana nawa a mako zai yi wa wannan aikin?

Hadiza: 200,000 a wata. Na sa kashi 40, wato 80,000 sau 12.

Malam Sabo Akanta: Kashi 40 kwana biyu ne cikin biyar. Sai ki faɗi abin da zai cika kwana biyun: biyan kuɗin mota ga mata 60, tattara takardun ziyara 84, daidaita asusun banki kowane wata, rahoton kuɗi duk wata uku. Ki ce zai riƙa cika takardar lokutan aiki. Kuma ki tabbata in aka haɗa kasonsa a duk ayyukan da kuke da su bai wuce ɗari ba. Na taɓa duba littafin wata ƙungiya inda mutum ɗaya yake kashi 60 a nan, 50 a can, 40 a wani wurin.

Sai nauyin da ke kan albashi. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10, ma'aikaci kashi 8, ga kuma kashi 1 na NSITF, asusun biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki. In kuna biyan su, ku sa su a layinsu da sunan dokar, a kan kashi 40 ɗin kawai. In ba ku biya, kada ku sa.

Isufu Maraɗi: Malam Sabo, a nan ina da ja. In tana da layin kuɗin gudanarwa, wasu masu tallafi za su ce akanta a can yake, ba za a biya shi sau biyu ba. A na Turai kashi 7 ne iyaka, kuma suna duba kada abin da ke cikinsa ya sake fitowa a wani layi.

Malam Sabo Akanta: Ja mai kyau. Amsar ta danganta da ƙa'idar mai tallafin da kuma yadda ƙungiyar ta saba lissafa shi. Gwamnatin Amurka ma tana da nata kason ga wanda bai yi yarjejeniyar kaso da ita ba, da kashi 10 ne, aka mayar da shi 15 daga Oktoban 2024, kuma sharaɗin ɗaya ne, abu ba ya zama a gida biyu. Ni ra'ayina, akantan da ke zaune yana biyan matan wannan aikin da sunayensu kuɗin aiki ne kai tsaye. Hayar ofis da wuta da binciken asusun shekara su ne na gudanarwa. Hadiza ta rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashin layin gudanarwa tana lissafa abin da ke cikinsa, a ga babu akanta a ciki.

Isufu Maraɗi: Mu an taɓa ƙi mana duk da haka. Gara ta tambayi jami'insu kai tsaye kafin Alhamis.

Dakta Balarabe: Tunda an zo nan, ni ma ina da tawa. Ina rubuta neman kuɗin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, zan shiga ƙauyuka takwas. Ba za ka shiga gari ka fara tambayar matan mutane ba tare da ka je gaisuwa wurin dagaci da mai unguwa ba, kuma ba a zuwa hannu rabbana. A wane layi ake sa wannan?

Nura Katsina: A cikin mai, Dakta. Kowa haka yake yi.

Malam Sabo Akanta: Kuma haka ake samun rasit ɗin gidan mai na lita 60 a motar da tankinta 45 ne. Dakta, ni abin da nake yi, ina rubuta shi a matsayin taron neman izinin shiga gari: ganawa ɗaya a kowane ƙauye, mutum kaza, ruwa da lemo da goro, da kuɗin mota ga masu unguwannin da suka taso daga nesa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Wannan aiki ne na gaske, yana da rana da takardar halarta. Ambulan da ake miƙa wa dagaci shi kaɗai kuwa ban san mai tallafin da zai karɓe ta da sunanta ba.

Dakta Balarabe: To ai ambulan ɗin ce tambayata. Taron daban, gaisuwa daban. Kuma Malam, kai ka san ba za ka miƙa wa dagaci takarda ka ce ya sa hannu ya karɓi dubu biyar ba. Raini ne.

Maman Ilham: Mu Hajiyarmu daga jakarta take yi, ta ce kada a rubuta ko'ina.

Nura Katsina: Wato dai talaka mai ƙungiya ya tallafa wa mai tallafi. Malam Sabo, a nan lissafinka ya tsaya.

Malam Sabo Akanta: Ya tsaya, ban musa ba. Abin da na sani shi ne ba zan sa hannu a kan man da ba a zuba ba.

Hadiza: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na gyara sufuri da abinci, Hajiya tana gyara jadawalin ayyuka. Na tura wa jami'insu tambayar akanta, in ya ce a mayar da shi cikin gudanarwa ban san yadda za mu yi ba, don kason da suka yarda da shi ko hayar ofis da wuta bai gama rufewa ba. Malam Sabo, in na gama Turancin yau da dare zan iya turo maka ka duba lissafin?

Malam Sabo Akanta: Turo da fayil ɗin Excel ɗin tare da shi, ba PDF ba, ina so in ga abin da ke cikin kowane gida. Bayan isha'i zan duba in sha Allah.